Aiki ya rufe, allo ya koma ja: tambayoyi da amsoshi kan ceto aikin Premiere Pro

Waɗannan tambayoyi ne da masu tace bidiyo suke ta maimaitawa, daga mai haɗa bidiyon biki zuwa mai yanka wa'azi ko talla. Na tsaya a kan Premiere Pro a kwamfuta mai Windows, kuma inda Mac ya bambanta zan faɗa. Sunayen maɓallai na bar su yadda za ka gan su a allo, domin ka same su da sauri. Idan yanzu haka aikinka ya rufe kuma hankalinka a tashe yake, fara da tambaya ta 2.

1. Me ke cikin fayil ɗin aikin da nake buɗewa kullum? Ba a ciki bidiyoyina suke ba?

A'a, ba sa ciki. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da `.prproj` kamar littafin mai shago yake: an rubuta inda kowane kaya yake da abin da aka yi da shi, amma kayan kansu suna sito. Abin da ke cikinsa bayani ne irin wannan: a ɗauki fayil kaza da ke folda kaza, daga daƙiƙa ta 12 zuwa ta 40, a sa shi a minti na uku, a rage masa sauti, a ɗora rubutu. Shi ya sa za ka ga aikin da bidiyoyinsa suka kai gigabayit 200, amma fayil ɗin aikin bai wuce megabayit kaɗan ba.

Daga nan asara ta kasu biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai littafin ya lalace kaya suna nan, wato fayil ɗin aiki ya ƙi buɗewa ko ya koma baya (tambaya ta 2 zuwa ta 5). Ko kuma littafin yana nan lafiya amma ba a ga kaya a inda aka rubuta ba, wato jan allon nan na `Media Offline` (tambaya ta 6 zuwa ta 10). Kafin ka taɓa komai, gane wacce ce ta same ka.

2. An ɗauke wuta, ko manhajar ta rufe kanta ina tsakiyar aiki. Me zan fara yi?

Kada ka yi saurin buɗe aikin ka ci gaba. Fara shiga foldar da aikin yake, ka nemo wata folda mai suna `Adobe Premiere Pro Auto-Save`, ka kwafe ta dungurungum tare da ainihin fayil ɗin aikin zuwa wani wuri, ko da filash ne. Minti ɗaya zai ɗauke ka. Dalili shi ne foldar nan tana da iyakar kwafin da take riƙewa, kuma duk sabon da ya shigo sai mafi tsufa ya fita. Idan ka buɗe aiki mai matsala ka yi ta fama da shi na awa biyu, kana iya korar kwafi mai kyau da hannunka ba ka sani ba.

Bayan haka sai ka buɗe manhajar. Sababbin fitowar Premiere sukan tambaye ka ko kana so a sake buɗe aikin da ya rufe. Ka amince, amma ka duba da idonka: je ka wurin da kake aiki kafin abin ya faru, ka ga ko yankan ƙarshe da kake tunawa yana nan. Idan yana nan, yi `File > Save As` da sabon suna, kada ka danne tsohon. Idan ba ya nan, koma kan kwafin da ka ajiye, kamar yadda tambaya ta 3 ta bayyana.

Wani lokaci kafin ta rufe takan nuna saƙo cewa babbar matsala ta faru kuma za ta yi ƙoƙarin adana aikin. Ƙoƙari ne kawai. Manhajar da ke faɗuwa tana iya rubuta rabin fayil, don haka abin da ta adana a wannan hali sai an gwada shi kafin a yarda da shi.

3. A ina zan sami kwafin `Auto Save`, kuma wanne zan zaɓa a cikinsu?

Idan ba ka taɓa sauya saiti ba, foldar tana gefen fayil ɗin aikinka, a folda ɗaya. Idan ba ka gan ta ba, rubuta `*.prproj` a akwatin binciken File Explorer, ka jera sakamakon da `Date modified`. Kowane kwafi yana ɗauke da sunan aikin, kuma a fitowar 'yan shekarun nan har da kwanan wata da lokacin da aka adana shi.

Fara da mafi sabo, amma ka kalli girmansa tukuna. A ce kwafi biyar na ƙarshe suna nuna `4,210 KB`, `4,260 KB`, `4,300 KB`, `4,340 KB`, sai na ƙarshe ya nuna `0 KB` ko `900 KB`. Wannan na ƙarshen wuta ta yanke shi yana tsakiyar rubutuwa, ba zai yi maka amfani ba. Ɗauki wanda ke gabansa. Kuma kada ka buɗe shi a cikin foldar ka ci gaba da aiki a nan. Kwafe shi zuwa babbar foldar aikin, ka ba shi suna mai ma'ana kamar `Biki_ceto.prproj`, sannan ka buɗe. Masu aiki kai tsaye daga cikin foldar sukan wayi gari da wata foldar `Auto-Save` a cikin ta farko, har su rasa wanne ne aikin gaskiya.

4. Yana ce mini `The project appears to be damaged, it cannot be opened`. Shi ke nan aikin ya tafi?

Sau da yawa bai tafi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ta tambaya ta 3: bi kwafin ɗaya bayan ɗaya daga sabo zuwa tsoho har ka sami mai buɗewa. Idan babu, ƙirƙiri sabon aiki wanda babu komai a ciki, ka je `File > Import`, ka zaɓi fayil ɗin da ya lalace. Za a tambaye ka ko `Import Entire Project` ko `Import Selected Sequences`. Gwada na farko. Idan ya ƙi, gwada na biyu ka riƙa shigo da su ɗai-ɗai. Wani lokaci abu guda ne ya ɓaci a cikin aikin, sauran kuma su shigo lafiya.

Akwai gwajin da zai nuna maka ko akwai sauran fata. Fayil ɗin `.prproj` rubutu ne irin na XML da aka matse da gzip. Yi kwafinsa, ka buɗe kwafin da 7-Zip, manhajar buɗe matsattsun fayiloli. Idan ya fitar da fayil mai girma wanda Notepad yake nuna rubutu a ciki, bayanin yana nan, kuma wanda ya ƙware zai iya gyara shi. Idan girmansa `0 KB` ne, ko 7-Zip ya kasa fitar da komai, to babu abin da za a gyara a cikinsa. Kada ka biya kowa kuɗi a kan fayil marar komai. Lokacinka ya fi amfani wurin nemo tsohon kwafi.

Sannan ka tabbatar ba bambancin fitowa ba ne. Aikin da aka adana a sabuwar Premiere ba ya buɗewa a tsohuwa, kuma wannan yakan faru idan an karɓo aiki daga wani shago. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajarka ce ta tsufa.

5. Aikin yana buɗewa, amma da na kai wani wuri sai ya sake mutuwa.

Idan kullum a wuri ɗaya yake mutuwa, akwai wani abu a wurin: bidiyon da bai kwafu daidai daga kati ba, hoto mai girman gaske, ko wani ado da aka ɗora. Yi kwafin aikin, ka cire abin da kake zargi, ka gwada. Idan ba ka san ko wanne ba ne, goge rabin `Timeline` a kwafin ka kunna. Ɓangaren da ya ci gaba da mutuwa shi za ka sake rabawa biyu, har ka kama mai laifin.

Idan kuwa babu takamaiman wuri, share tarkacen da manhajar ke tarawa. Rufe aikin, ka je `Edit > Preferences > Media Cache`, ka danna `Delete`. Waɗannan fayiloli ne masu ƙarewa da `.cfa` da `.pek` da Premiere ke yi wa kanta domin sauti ya yi saurin kunnuwa. Share su ba ya taɓa bidiyonka, za ta sake gina su, sai dai ka ba ta 'yan mintuna. Idan bai yi ba, danne `Alt` lokacin da manhajar ke tashi domin saitinta ya koma na asali. Bayan ka yi wannan, ka koma ka sake duba saitin tambaya ta 11, domin shi ma yana komawa yadda ya zo.

6. Allo ya koma ja, an rubuta `Media Offline`. Bidiyon ya goge ne?

Yawanci a'a. Ma'anarsa kawai manhajar ta je adireshin da ke rubuce ba ta tarar da fayil ɗin ba. Yankanka, sautinka, launin da ka gyara, duk suna nan a fayil ɗin aiki suna jira. Abubuwan da suka fi jawo shi: ba a jona faifan waje ba, kebul ɗinsa ya saki, Windows ya sauya wa faifan harafi (tambaya ta 9), an matsar da folda ko an sauya mata suna, ko kuma tun farko daga kan katin kyamara ko foldar `Downloads` aka shigo da fayil ɗin, daga baya aka zare katin ko aka share foldar.

Kada ka rikita shi da allon ruwan ɗorawa mai cewa `Media Pending`. Wannan fayil ɗin yana nan, karanta shi ake yi, haƙuri kawai yake so. Haka kuma idan fayilolin da ake nema sunansu ya fara da `Rendered`, na renda ne da ke foldar `Adobe Premiere Pro Video Previews`. Tsallake su, in ka sake renda za su dawo.

7. Ta yaya zan mayar da haɗin ba tare da na bi fayil ɗari uku ɗai-ɗai ba?

Idan ka buɗe aikin, taga mai suna `Link Media` za ta fito da jerin abin da ya ɓace. Kafin ka danna komai, karanta layin `File Path`. Shi ne ke gaya maka inda fayil ɗin yake a da, kuma rabin amsar tana nan. Idan ya fara da `E:` alhali faifanka yanzu `F:` ne, rufe aikin ba tare da adanawa ba ka mayar da harafin `E:` ta hanyar da ke tambaya ta 9, shi ke nan.

Idan foldar ce ta matsa, tabbatar akwai alama a kan `Relink others automatically`, sannan ka danna `Locate`. A tagar da za ta biyo baya, shiga foldar da fayil ɗin yake yanzu, ka sa alama a `Display Only Exact Name Matches` domin sauran su ɓuya, ka zaɓi naka, ka danna `OK`. Muddin tsarin foldojin bai wargaje ba, da ka nuna mata ɗaya za ta gano sauran da kanta. Idan ka riga ka danna `Offline All` cikin gaggawa, babu abin da ya ɓaci: zaɓi fayilolin a `Project`, danna dama, ka zaɓi `Link Media`.

A ƙasan tagar akwai `Match File Properties`. Idan ka sauya nau'in fayil ɗin, misali daga `.MOV` zuwa `.MP4`, sai ka cire alamar `File Extension`, in ba haka ba ba za ta yarda su ɗaya ba ne. Amma ka karanta tambaya ta 8 kafin ka saki jiki da haɗin da manhaja ta yi da kanta.

8. Jan allon ya tafi, amma hoton da ke fitowa ba shi na sa a wurin ba. Me ya faru?

Wannan ya fi jan allo haɗari, domin babu gargaɗi. Mu ɗauki misali. An ɗauki biki na kwana uku da kyamara mai rubuta AVCHD: kamu, ɗaurin aure, da dina. Kowace rana ana kwashe katin a goge shi, kuma duk lokacin da aka goge, kyamarar tana sake ƙirga daga `00000.MTS`. To yanzu akwai `00000.MTS` guda uku, `00001.MTS` guda uku, haka har ƙarshe. An mayar da aikin sabon faifai, komai ya yi ja. Edita ya danna `Locate`, ya bar manhajar ta bincika faifan gaba ɗaya, ta kawo `00000.MTS` na farko da ta ci karo da shi, wanda na ranar kamu ne, alhali na dina ake nema. Suna ya dace, sai ta karɓa. Sakamako: a wurin shigowar ango da amarya zauren dina, sai ga mata suna guɗa a tsakar gida.

Alamomi biyu ne ke tona shi. Na farko, hoto da sauti ba na wurin ba ne. Na biyu, za ka ga zane-zanen layuka a karkace a kan wasu guntaye a `Timeline`, abin da ke nufin fayil ɗin da aka haɗa ya fi na asali gajarta, yankan yana neman daƙiƙoƙin da babu su. Idan ba ka adana ba tukuna, rufe aikin ka ƙi adanawa, ka sake buɗewa. Idan ka riga ka adana, zaɓi fayilolin dina kaɗai a `Project`, danna dama, `Make Offline`, ka zaɓi `Media Files Remain on Disk`. Ka lura sosai a nan, domin ɗaya zaɓin, `Media Files Are Deleted`, goge bidiyon yake yi daga faifai. Daga nan sai `Link Media`, ka shiga foldar dina da hannunka, kana kwatanta ta da abin da ke rubuce a `Last Path`. Ka gama da rana ɗaya, ka kalla, sannan ka koma ta gaba.

Rigakafinsa tun ranar kwasa ne. Kowane kati da foldarsa mai suna bayyananne, kamar `01_Kamu_Kyamara_A`, kuma a cikin Premiere ma ka raba su haka. Kwafe katin gaba ɗaya da duk foldojinsa, kada ka tsinci fayilolin `.MTS` kaɗai, domin ɗauka mai tsawo kyamara kan raba ta gida-gida, kuma bayanin da ke haɗe su yana cikin sauran ƙananan foldojin.

9. Kullum na jona faifan waje sai harafinsa ya sauya. Akwai maganin dindindin?

Akwai. Windows yana ba wa faifai harafin farko da ya samu babu kowa a kai, don haka idan filash ya riga shi shiga, sai ya karɓe `E:`, faifan aikinka ya koma `F:`. Danna `Windows + R`, rubuta `diskmgmt.msc`, danna dama a kan faifan, ka zaɓi `Change Drive Letter and Paths`. Ba shi harafi mai nisa kamar `M:` ko `V:`, wanda filash ba zai kai gare shi ba. Saitin a kwamfutar yake zama, ba a faifan ba, saboda haka idan kuna yawo da faifai tsakanin kwamfutoci biyu, a yi shi a kowacce da harafi iri ɗaya. A Mac babu haruffa, sunan faifan ake bi, sai ka guji sauya masa suna ko jona faifai biyu masu suna ɗaya.

10. Na duba ko'ina, fayil ɗin da gaske babu shi. Na goge kati, ko faifan ya ƙi buɗewa.

Daina amfani da wannan kati ko faifan nan take. Fayil ɗin da aka goge yakan zauna a wurinsa har sai an rubuta wani abu a kansa, don haka kowane sabon hoto da ka ɗauka yana rage damarka. Duba `Recycle Bin` tukuna, sannan ka gwada manhajar ceto irin PhotoRec, wadda kyauta ce, ko Recuva. Abin da suka ceto ka ajiye shi a wani faifai dabam. PhotoRec ba ya dawo da sunayen asali, sai ka kalli kowane bidiyo ka gane shi, ka haɗa shi da hannu bayan ka cire alamar `File Name` a `Link Media`. A SSD na cikin kwamfuta damar ba ta da yawa, domin yana share wurin da aka goge da wuri.

Idan Windows ya ce sai an yi `Format` kafin a yi amfani da faifan, ka ƙi. Idan kuma faifan yana ƙara ƙas-ƙas ko yana tashi yana mutuwa, cire shi daga wuta. Wannan lalacewar ƙarfe ce, manhaja ba ta gyara ta, kuma ci gaba da kunna shi yana ƙara ɓarna. Sai masu buɗe faifai a ɗaki na musamman, kuma aikinsu da tsada. Kafin nan, tambayi mai ɗaukar hoto ko bai goge nasa katin ba.

11. Yaya ya kamata in saita `Auto Save`?

Je `Edit > Preferences > Auto Save`, a Mac yana ƙarƙashin sunan manhajar a saman allo. Lambobi biyu ne: `Automatically Save Every`, wato tazarar mintuna, da `Maximum Project Versions`, wato kwafi nawa za a riƙe. Shekaru da yawa manhajar ta riƙa zuwa da minti 15 da kwafi 20. Mutane da dama sukan rage na farko su manta da na biyu, kuma a nan matsalar take. Ninka lambobin biyu, shi ne nisan da za ka iya komawa baya. Minti 15 sau 20 awa 5 ne. Idan ka mayar da shi minti 5 ka bar 20, ya zama minti 100 kacal, bai kai awa biyu ba. Kuskuren da ka yi da safe ka gano shi bayan la'asar, babu kwafin da ya rage daga kafinsa.

Shawarata minti 5 da kwafi 100. Wannan minti 500 ne, sama da awa 8 na aiki. Idan fayil ɗin aikinka megabayit 5 ne, duka ɗarin megabayit 500 ne, bai kai bidiyo ɗaya na kyamara ba. Wanda ke aiki da kwamfutar tebur a inda wuta ba ta da tabbas zai iya sauka zuwa minti 3, ya ɗaga kwafin zuwa 150. Idan aikin ya yi nauyi har adanawar tana tsayar da kai, ƙara tazarar kaɗan, amma kada ka kashe shi.

Saura abu biyu. Akwai akwati mai cewa `Auto Save also saves the current project(s)`. Idan ka sa masa alama, ainihin fayil ɗin aikin ma zai riƙa sabuntuwa. Amfaninsa ba za ka koma baya da nisa ba, illarsa kuma kuskure ma yana shiga ciki da kansa. Ni ina kunna shi, saboda tsarin tambaya ta 12 yana kare ni daga illar. Na biyu shi ne ya fi muhimmanci a duk shafin nan: je `File > Project Settings > Scratch Disks`, a layin `Project Auto Save` ka danna `Browse`, ka zaɓi folda a wani faifai wanda ba shi ne aikin yake kai ba. Wannan saiti na kowane aiki ne, ka riƙa duba shi duk lokacin da ka buɗe sabo.

12. Tunda `Auto Save` yana aiki, ina buƙatar wani abu kuma?

Kana buƙata. Shi yana kare ka ne daga faɗuwar manhaja da ɗaukewar wuta, na 'yan awoyi. Ba ya kwafe bidiyo ko ɗaya, kuma idan ka bar shi a inda ya zo, faifai ɗaya yake tare da aikin: in faifan ya mutu ko aka sace laftof, sun tafi tare.

Ka saba da `Ctrl+S` bayan kowane yanka mai wahala. Sannan kowace safiya kafin ka fara, yi `Save As` da kwanan wata ko lamba: `Biki_v01`, `Biki_v02`. Ka ƙara ɗaya kafin kowane babban sauyi, misali kafin mai biki ya zo ya zauna a gefenka yana cewa a cire wannan a mayar da wancan. In ya dawo bayan mako ya ce tsohon ya fi, yana nan. Idan kuma da kwamfutar tebur kake aiki, ƙaramin akwatin batir mai riƙe wuta na minti biyar zuwa goma ya isa ka adana ka kashe lafiya kafin a tada janareta.

13. Kwafi nawa na bidiyoyin zan ajiye, kuma yaya zan riƙa sabunta su?

Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace: faifan da kake aiki a kai, faifan ko-ta-kwana da ake jonawa lokacin kwafa kaɗai, da na uku a gida idan shago ne wurin aikin. Kwafi biyu a faifai ɗaya, ko a ɓangarori biyu na faifai ɗaya kamar `C:` da `D:`, kwafi ɗaya ne. Kuma kada a goge katin kyamara sai bidiyon ya zauna a faifai biyu, an buɗe wasu daga ciki an kalla.

Domin wannan ya yi sauƙi, komai na aiki ya zauna a babbar folda ɗaya: bidiyo, sauti, hotuna, tambari, har waƙar da aka turo maka ta WhatsApp. Kwafe shi ciki kafin ka shigo da shi Premiere. Da yamma sai ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, inda `M:` yake faifan aiki, `N:` kuma na ajiya:

```
robocopy "M:\Biki" "N:\Ajiya\Biki" /E /R:2 /W:5
```

Ranar farko zai daɗe. Daga nan abin da ya sauya ko ya ƙaru kaɗai zai kwafa. Za ka ga wasu suna ƙara `/MIR`; ka guje shi har sai ka fahimce shi, domin yana goge duk abin da ke faifan ajiya wanda babu shi a na aiki. Idan ka goge folda bisa kuskure da rana, da yamma zai goge maka ita a ajiyar ma. Game da tsarin faifan, NTFS ya fi exFAT jure yankewar wuta, sai dai Mac ba ya rubutu a kansa kai tsaye. FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya haura gigabayit 4.

14. Data tana da tsada. Ajiya a intanet ta zama dole?

Ga bidiyoyi, ba dole ba ne, faifai na uku ya wadatar. Amma fayil ɗin aiki ƙarami ne, kuma kwanakin wahalarka a cikinsa suke. Tura `.prproj` na ranar zuwa Google Drive ko imel ɗinka kafin ka tashi. Sai dai ka tura kwafi ne, kada ka riƙa aiki kai tsaye a cikin foldar da ke haɗe da intanet, domin manhaja biyu suna taɓa fayil ɗaya a lokaci guda yakan haifar da kwafi masu karo da juna.

15. Da DaVinci Resolve nake aiki. Haka abin yake?

Tushen ɗaya ne, wurin ajiyar ne ya bambanta. Resolve ba ya ajiye aiki a fayil ɗin da za ka gani a gefen bidiyonka, yana zuba shi ne a rumbunsa da ake kira `Project Library`, wanda yawanci yana kan faifan da Windows yake. Saboda haka kwafe foldar biki bai kwafe aikin ba, kuma wanda ya sake wa kwamfuta Windows ba tare da ya sani ba zai iya rasa ayyukansa duka. Je `Preferences > User > Project Save and Load`, ka kunna `Live Save` da `Project backups`, ka nuna masa wani faifai. A ƙarshen yini yi `Export Project`, wanda ke fitar da ƙaramin fayil mai `.drp`, ka sa shi a babbar foldar aikin domin umarnin tambaya ta 13 ya ɗauke shi. Bidiyon da ya ɓace kuma ana mayar da shi da `Relink Selected Clips`, kuma tarkon sunaye iri ɗaya na tambaya ta 8 yana nan a can ma.

16. Na gama aiki, ko zan miƙa shi ga wani edita. Yaya zan tabbatar babu abin da ya rage a baya?

Yi amfani da `File > Project Manager`. Zaɓi jerin yankan da kake so, sannan `Collect Files and Copy to New Location`, ka nuna faifan da za a kai. Zai tattaro duk fayil ɗin da aikin ya dogara da shi, har wanda ka manta yana `Desktop`. Alamar `Exclude Unused Clips` tana rage girma, amma tana barin duk abin da ba ka sa a yankan ba. Idan akwai yiwuwar a dawo a ce a ƙara wani wuri, cire ta. Salon rubutun da ka girka a kwamfutarka da ƙarin kayan ado na wasu kamfanoni ba sa bin aikin, sai ka rubuta sunayensu ka haɗa da shi.

Kafin ka share na asali, gwada kwafin. Cire faifan aiki gaba ɗaya daga kwamfutar, ka bar na ajiya kaɗai, ko ka kai shi wata kwamfutar, ka buɗe aikin daga can. Idan faifan asali yana jone, manhajar za ta iya ci gaba da karanta bidiyo daga kansa, kai kuma ka ɗauka kwafin ne ya cika. Ja alamar kunnawa daga farkon `Timeline` zuwa ƙarshe, kana duban jan allo da layukan nan na karkace, kana sauraron sauti. Duk sunan da `Link Media` ya nuna a wannan gwaji, mayar da faifan asali ka kwafo shi, sannan ka sake cirewa ka sake buɗewa.